Lamba ko awo: wanne za ka bi kafin ka ɗaura kayan wani inji a naka?

Duk mai gyara, ko na mota ne, ko na janareto, ko na famfon ruwa, akwai ranar da zai nemi ainihin kayan injinsa ya rasa. Sai a miƙo masa na wani samfuri ko na wani kamfani, a ce ai duk ɗaya ne, zai shiga. Hanya biyu ce ta tantance wannan magana. Ko dai ka bi lambar da aka buga a jikin kayan ka ga ko kundin kamfani ya ce sun dace, ko ka ɗauko abin awo ka auna da hannunka. Masu gyara sun rabu a kan wannan. Akwai wanda ba ya yarda da komai sai lamba, akwai wanda ke cewa lamba aikin masu sayarwa ce, shi idonsa da kalifarsa, wato abin awo mai baki biyu da ke auna faɗi da kauri, sun ishe shi. Ni a ganina kowannensu yana da gaskiya a wani wuri, kuma kowannensu yana tafka asara a wani wurin. Abin da ke raba gardamar shi ne irin kayan da ke hannunka.

Kayan gyara iri biyu ne, kuma wanda ya gane wannan rabuwa ya yi rabin aikin. Akwai kayan da duk duniya aka yi ittifaƙi a kan girmansu, kamfanoni barkatai suna ƙera su a kan ma'auni guda: boris, sil ɗin mai, bel, kusoshi da notuna. Mai ƙera mota ko famfo ba ya zana waɗannan da kansa, saye yake yi kamar kowa, ya zuba a kwalinsa ya buga lambarsa. Sannan akwai kayan da aka zana musamman domin wani inji, irin su faifan birki, famfon mai, na'urar auna zafi, ko hannun sitiyari. A kashi na farko lambar kanta awo ce da aka taƙaita, don haka kalifa tana iya kai ka har gida. A kashi na biyu lambar suna ce kawai da kamfani ya raɗa wa kayan, ba ta gaya maka tsawo ko faɗi, amma tana ɗauke da abubuwan da kalifa ba za ta taɓa gani ba.

Bari mu fara da boris, domin a nan ne awo ya fi ƙarfi. A ce famfon ruwa mai amfani da lantarki ya fara ƙara, ka kwance shi, ka ciro boris ɗin, ka tarar tsatsa ta cinye lambar da ke gefensa. Abu uku za ka auna: ramin ciki inda shaf ke shiga, faɗin waje daga baki zuwa baki, da kauri. Goge shi tas tukuna, ka rufe bakin kalifa ka tabbata tana nuna sifili, sannan ka auna kowane wuri sau biyu ko uku kana juya shi. A ce ka samu milimita 17 a rami, 40 a waje, 12 a kauri. Wannan `6203` ne, ko na SKF ne, ko na NSK, ko na NTN, ko na wani kamfanin da ba ka taɓa jin sunansa ba. Lambar tana karantuwa: 6 na farko yana nufin boris mai ƙwallaye layi ɗaya a cikin zurfafan kwari, 2 yana nuna ajin nauyinsa, sai lambobi biyun ƙarshe da ke nuna ramin. `00` milimita 10 ne, `01` 12 ne, `02` 15 ne, `03` 17 ne, daga `04` zuwa sama kuma sai ka ninka da biyar, wato `04` ya zama 20, `05` ya zama 25. Wanda ya haddace wannan ba ya buƙatar ya nemi boris na "famfo kaza", boris mai lamba kaza zai nema, kuma wanda aka yi domin babur ko injin wanki zai zauna daram in dai lambar ɗaya ce.

Dalilin da ya sa na nace a kan auna ukun duka shi ne, boris suna da 'yan uwa masu kama da juna sosai. `6303` da `6204` dukkansu faɗin wajensu 47 ne, kaurinsu 14, ka ajiye su gefe da gefe ba za ka bambance su da ido ba, amma ramin na farko 17 ne, na biyu 20. Haka `6003` da `6202` duk 35 ne a waje, sai dai ɗaya raminsa 17 kaurinsa 10, ɗayan raminsa 15 kaurinsa 11. Akwai kuma tarko mafi muni. Idan ka auna rami ka ga 15.9, kada ka ce ai 16 ne, ko ka ce 15 ne ya buɗe. Akwai boris masu jikin `6202` da aka yi wa rami da ma'aunin inci, biyar bisa takwas na inci, wato milimita 15.875. Injinan da aka ƙera domin kasuwar Amurka suna yawan zuwa da irin wannan. Rula ba za ta nuna maka wannan bambanci ba, shi ya sa rula da tef ba kayan wannan aiki ba ne. Kalifar da ke karanta 0.02 ko 0.01 na milimita ita ce mafi ƙarancin abin da za ka riƙe.

Kada ka tsaya a boris ɗin kaɗai, auna shaf ɗin ma, daidai inda boris ke zama. Shaf mai lafiya na milimita 17 yakan ɗara ramin boris da ɗan abin da bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba, domin a matse ake so ya shiga. Idan ka auna ka ga 16.95, kuma wurin ya yi sheƙi ko ya yi zobe, to tsohon boris ya daɗe yana juyawa a kan shaf ɗin yana cin sa. Sabon da za ka saka, ko da lambarsa daidai ce, zai zame da hannu ba tare da an danna ba, kuma ƙarar za ta dawo ba da jimawa ba. A nan babu kundin da zai taimake ka. Lamba tana bayanin injin yadda ya fito daga masana'anta, kalifa kuma tana bayanin injin da ke gabanka yau.

To amma ko a boris, inda awo ya fi ƙarfi, akwai iyakar da ba ya tsallakewa. Bayan lambobi huɗun nan akwai haruffa, kuma su ne ke raba wanda zai yi shekaru da wanda zai yi watanni. Wani boris a buɗe yake, ana ganin ƙwallayensa, an yi shi ne domin ya yi wanka a cikin mai, kamar a akwatin giya. Wani an rufe shi da faranti na ƙarfe gefe biyu, ana rubuta `ZZ` ko `2Z`, yana tare ƙura mai kauri amma ba ya tare ruwa. Wani kuma an rufe shi da roba mai taɓa zoben ciki. Wannan na ukun kowane kamfani da yadda yake rubuta shi: SKF na sa `2RS1` ko `2RSH`, NSK na sa `DDU`, NTN na sa `LLU`, wasu da yawa suna sa `2RS` kawai. Murfi dai ido yana gani, don haka ko lamba ta goge za ka gane wanne ne. Wanda ido ba ya gani shi ne `C3`.

A cikin kowane boris an bar 'yar rata tsakanin ƙwallaye da zobba. A boris mai rami 17, ratar da aka saba tana tsakanin maikiron 3 zuwa 18, ta `C3` kuma tsakanin 11 zuwa 25, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Kalifa ba ta isa nan ba, kuma tsohon boris da ya riga ya ci ba zai gaya maka ratar da ya zo da ita ba. Amfanin ƙarin ratar shi ne, idan aka danna boris a kan shaf zoben ciki yana ɗan buɗewa, idan inji ya yi zafi kuma shaf yana ƙara kumbura, sai ratar ta ragu. Idan ta ƙare gaba ɗaya ƙwallaye za su matse, zafi ya ƙaru, giris ya ƙone. Shi ya sa injinan lantarki da yawa suke zuwa da `C3`. In ka saka na yau da kullum a inda ake son `C3`, alamar ita ce murfin injin yana zafi fiye da da, tun ba a daɗe da kunnawa ba. In ka yi akasin haka, galibi zai yi aiki, sai dai yana iya ɗan fin ƙara. A famfonmu na misali, tunda lamba ta goge, sai ka duba boris na ɗaya gefen ko nasa haruffan sun tsira, ko farantin da ke jikin injin, domin masu ƙera injin lantarki da dama suna buga lambar boris a kai. Ga shi nan, awo ya kai ka ga `6203`, amma haruffan ƙarshe sai an koma ga rubutu.

Sil ɗin mai da bel ba sa buƙatar dogon bayani, hukuncinsu ɗaya da na boris, sai gargaɗi guda. Sil mai rubutun `25 40 7` yana nufin shaf 25, mazauni 40, kauri 7. Bel mai rubutun `6PK1750` yana da tsagi shida, tsawonsa milimita 1750. Gargaɗin shi ne kada ka auna tsohuwar roba ka dogara da ita. Leɓen sil a matse yake kama shaf, don haka sabo yana aunuwa ƙasa da lambarsa, tsoho kuma ya ci ya taurare. Shaf da mazauni za ka auna.

Yanzu mu juya ga matatar mai, wadda a wajena ita ce ta fi nuna haɗarin dogara da "ai ya shiga". Matatun da ake murɗawa a jikin inji suna kama da juna matuƙa, gwangwani ne mai rami a tsakiya da zoben roba a kewaye. Zare biyu ne suka fi yawa a ƙananan motoci. Ɗaya na inci ne, `3/4-16`, wanda Toyota ta daɗe tana amfani da shi. Ɗayan na milimita ne, `M20×1.5`, wanda ake samu a Honda da yawancin Nissan. Na farko faɗinsa milimita 19.05, tazarar da ke tsakanin zare da zare kusan 1.59. Na biyu faɗinsa 20, tazararsa 1.5. Bambancin bai kai milimita ɗaya ba. Idan ka ɗauki matata mai zaren inci ka nufi bututu mai `M20`, ba za ta shiga ba, kuma wannan alheri ne, domin ka gane kuskurenka nan take. Matsalar tana ɗaya ɓangaren. Matata mai `M20` tana hawa bututun `3/4-16`, tana murɗuwa, har ta kai ƙarshe ta danne robar kamar komai lafiya. Amma bakin zaren kaɗai ya kama. Ranar da aka tayar da inji da sanyi, mai ya yi kauri, matsin ya hau, matatar tana iya ƙwacewa, man ya zube cikin daƙiƙoƙi, inji ya ci gaba da juyawa a bushe.

Yadda za ka gane shi ne, kafin robar ta taɓa mazauninta, bayan murɗi biyu ko uku, ka girgiza matatar gefe da gefe. Wadda ta dace tana tafiya sumul, girgizarta kaɗan ce. Wadda ba ta dace ba za ka ji tana lilo a kan bututun. In kana son tabbaci sai ka auna bututun da ke jikin inji: na inci zai nuna kusan 19 ko ɗan ƙasa, na milimita kusan 19.8. Sannan ka ƙirga tazara goma na zaren ka auna tsawonsu, na inci zai ba ka kusan 15.9, na milimita 15 cif. Daga nan ka haɗa fuskar tsohuwar matata da ta sabuwa ka ga ko zobban robar sun hau kan juna, domin robar da ta fi mazauninta faɗi ko ta gaza shi za ta yi yoyo ko da zare ya dace. Ka kuma duba tsawon gwangwanin, kada ya taɓa bututun hayaƙi ko ya sauko ƙasa inda dutse zai same shi.

Duk wannan aikin kalifa ne, kuma ta yi shi da kyau. Amma a cikin gwangwanin akwai abu biyu da ba ta gani. Akwai bawul da ke buɗewa idan takardar tacewa ta toshe ko mai ya yi kauri, domin man ya kewaye ta ya isa inji ko da bai tatu ba. Matsin da yake buɗewa ya bambanta, wata matatar a kusa da bar 1, wata sama da bar 2, wata kuma babu bawul ɗin sam saboda an gina shi a jikin injin da aka yi ta dominsa. Ka saka marar bawul a injin da ke jiran bawul daga matata, ranar da ta toshe babu hanyar da mai zai bi. Akwai kuma roba mai hana mai komawa ƙasa idan an kashe inji. Wannan ana iya hango ta ta ƙananan ramukan da ke kewaye, amma ba kowa ke dubawa ba, kuma rashinta ne ke sa inji ya yi ƙarar ƙarfe na 'yan daƙiƙoƙi da safe, fitilar mai ta yi jinkirin mutuwa. Saboda haka a matata ni lamba nake sa wa gaba. Ka samo lambar asali ta kamfanin motar, irin `90915` da ke farkon lambobin matatun Toyota ko `15400` na Honda, da cikon da ke biye, ka shigar da ita a kundin kamfanin da ya ƙera matatar da ake so a sayar maka, ka ga ko shi da kansa ya ce tasa tana maye gurbin waccan. Bayan ya ce e, sai ka auna zare da roba domin ka tabbata.

Fulogi ma haka yake, rabinsa awo rabinsa lamba. A `BKR6E` na NGK, zaren milimita 14 ne, kan da sifana ke kamawa 16, tsawon zaren 19, kuma duk waɗannan za ka iya aunawa. Tsawon zaren ba abin wasa ba ne: akwai mai 12.7, akwai mai 26.5, kuma dogo a gurbin gajere yana iya cin karo da fistin, gajere a gurbin dogo kuma yana barin zaren kan inji a buɗe ya cika da baƙin hayaƙi. Amma lamba 6 ɗin nan tana nuna saurin da fulogin ke zubar da zafi, kuma wannan ba ya aunuwa daga waje. Abin da ke ruɗa mutane shi ne kamfanoni ba su ƙirga ta hanya ɗaya ba. A NGK da Denso, lamba na hawa fulogi na ƙara sanyi. A Bosch da Champion, lamba na hawa yana ƙara zafi. Ko tsakanin NGK da Denso ma'aunin daban ne, 6 na NGK shi ne kusan 20 na Denso, shi ya sa `K20PR-U` ke zama a gurbin `BKR6E`. Wanda ya ga 6 a nan ya nemi 6 a can ya ɓata. Mai zafi da yawa yana iya kunna mai kafin lokaci har ya huda fistin, mai sanyi da yawa kuma yana yin baƙi ya daina ba da wuta.

Kada wannan ya sa ka ɗauka lamba ba ta ƙarya. Tana yi, kuma ta hanyoyi da yawa. Na farko, mutane suna karanta rabinta. Lambar Volkswagen misali ce mai kyau: `1K0 615 301` faifan birkin gaba ne na wasu motocinsu, amma haruffan ƙarshe ne ke faɗin wanne. Mai `T` faɗinsa milimita 288 ne, mai `AA` 312. Lambobi tara iri ɗaya, ramukan kusoshi iri ɗaya, amma ɗaya ba zai zauna a mariƙin birkin ɗayan ba. Samfurin mota guda, na shekara guda, yana iya fitowa da girman birki biyu ko uku gwargwadon ƙarfin injinsa da ƙasar da aka yi shi dominta. Shi ya sa faɗin sunan mota da shekara kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da lambar shasi mai harafi da lamba 17. A tsarin wannan kamfani kuma, kayan da ke da hagu da dama galibi lamba ɗaya ce ke raba su, mara ta hagu, cika ta dama.

Na biyu, ba kowace lamba da ke jikin ƙarfe ce lambar kaya ba. Wadda aka zuba tare da ƙarfen tun a wurin narka shi sau da yawa lambar ƙirar ce, kuma daga ƙira ɗaya ana iya fitar da kaya iri uku, a huda wannan a nan, a huda wancan a can. Lambar da aka buga da tambari ko aka manna a takarda ta fi zama abin dogaro.

Na uku, kamfanoni suna sauya lamba. Idan an gyara zanen wani kaya sai a kashe tsohuwar lamba a ce sabuwa ta gaje ta. Sabon yakan zauna a gurbin tsohon, amma ba dole ne tsohon ya zauna a gurbin sabon ba, kuma wani lokaci kundin zai ce sabon yana aiki ne kawai idan an sauya wani abu tare da shi, kamar kusa ko wayar da ke shiga cikinsa. Karanta ɗan rubutun da ke ƙarƙashin lambar, a nan ake ɓoye irin wannan sharaɗi. Jadawalin da ke cewa lamba kaza ta wannan kamfani daidai take da lamba kaza ta wancan shi ma yana da rauninsa. Kamfanin da ke ƙera kayan maye yakan haɗe lambobin asali biyar ko goma a kaya guda domin rage yawan abin da zai ƙera, wanda ke nufin kayansa ya yi kusa da kowannensu ba tare da ya zama ainihin ko ɗaya ba. Kuma kada ka yi tsalle biyu. In jadawali ya ce na farko daidai yake da na biyu, wani jadawalin ya ce na biyu daidai yake da na uku, wannan bai sa na uku ya dace da injinka ba. Kullum ka koma ga lambar asali ka fara daga can.

Na huɗu shi ne wanda ya fi cin masu tsofaffin injina. Kundi yana ɗauka cewa motar tana nan yadda ta fito. Idan wani mai ita na baya ya sauya inji, ko akwatin giya, ko ƙafar gaba gaba ɗaya, lambar shasi za ta kai ka ga kayan injin da ba ya cikin motar. A irin wannan hali ka nemi lambar da ke jikin injin kansa, ka karanta ta jikin kayan da ka cire, ka kuma auna. Ko kayan da ka cire ɗin ma ka tuhume shi, domin mai yiwuwa shi kansa kuskuren wani ne, kuma shi ya sa ya mutu da wuri. Sannan ga jabu, wanda lambar kwalinsa daidai take tsaf, abin ciki ne ba daidai ba. Kalifa tana kama wasunsu, amma ba ta kama ƙarfe marar kyau.

To wanne za ka zaɓa? In kayan na gama-gari ne, boris, sil, bel, kusa, ka dogara da awo ba tare da fargaba ba, ka sayi na kowane kamfani nagari, sannan ka nemo haruffan ƙarshe daga rubutu. In kayan yana da wani abu a ciki da ba ka gani, ko bawul, ko sifirin, ko waya, ko maganaɗisu, lamba ce jagora. Boris ɗin ƙafar mota misali ne: guda biyu suna iya zama girma ɗaya cif, amma ɗaya yana da zoben maganaɗisu a murfinsa wanda na'urar `ABS`, mai hana ƙafa kullewa idan an taka birki, ke karantawa, ɗayan babu. Ka saka marar zoben, ko ka saka mai zoben ka juya shi baibai, motar za ta yi tafiya amma fitilar `ABS` za ta kama, kuma cire shi yakan lalata shi. Na'urorin lantarki kuwa, irin masu auna iska ko zafi ko juyin inji, awo bai da ta cewa a kansu. Soket ɗin yana iya shiga daidai, saƙon da yake aikawa ya zama daban.

A birki, sitiyari da duk abin da rai ya rataya a kansa, ban yarda a ɗauki ɗaya a bar ɗaya ba. Lamba ta dace ta hanyar lambar shasi, sannan awo ya tabbatar. A faifan birki abin da za ka auna shi ne faɗinsa, tsayinsa idan ka kwantar da shi a kan tebur, ramin tsakiya, da yawan ramukan kusoshi da tazararsu. Kauri kuwa kada ka kwatanta da na tsohon, domin ya ci. A gefen faifan akwai rubutun `MIN TH` da ke nuna mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi, mai 288 ɗin nan sabonsa 25 ne, iyakarsa 22. Idan wannan rubutu ya zo ɗaya a tsoho da sabo, alama ce mai kyau cewa aji ɗaya suke.

Idan lamba da awo suka saɓa, kada ka ɗaura. Kundi ya ce ya dace amma kalifa ta nuna bambancin milimita biyu, to ko an sauya wani abu a injinka, ko an sa kaya a kwalin da ba nasa ba, ko jadawalin ya yi kuskure, kuma sai ka gano wanne ne kafin ka ci gaba. Ka yi wannan gwaji kayan yana da tsabta, ba ka shafa masa giris ba, ba ka yaga ledarsa fiye da kima ba, domin da zarar sifana ta bar tabo a jikinsa da wuya mai sayarwa ya karɓe shi. Tsohon da ka cire kuma ka ajiye shi, ka ɗauki hoton lambarsa da yadda yake zaune kafin ka kwance, har sai sabon ya yi aiki ka gamsu.